Awaki biyar da rago ɗaya: kwana 45 a ɗakin killacewa

Kawuna yana da 'yar gona a bayan garin Jos, ta hanyar Bauchi, inda yake kiwon awaki 19 da tumaki 12. A tsakiyar hunturu ya shiga kasuwa ya sayo jajayen awaki mata guda biyar da ragon Balami ɗaya, yana son ya ƙara iri. Ni ma'aikacin lafiyar dabbobi ne, kuma ni nake duba masa garken, don haka tun suna kan hanya ya kira ni. Abin da na roƙe shi ɗaya ne: kada a sauke su a turke, a zarce da su tsohon ɗakin kajin da ke ƙarshen gonar.

Bai so ba. Ya ce da ni, "Kai ɗan nan, shekara talatin ina sayen dabba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Na buɗe bakinsu, na duba ƙarƙashin wutsiya, babu mai majina, babu mai zawo." Kuma gaskiya ya faɗa. Da na iso da yamma na duba su ɗaya bayan ɗaya, ban ga abin da zan nuna masa da yatsa ba. Gashinsu a kwance, idanunsu garau, suna ta warwarar harawa. Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri. Ban ce kun sayo marasa lafiya ba. Amma kun san inda suka kwana shekaranjiya? Kun san da waɗanne awaki aka loda su a mota?" Ya yi shiru, domin babu mai sayen dabba a kasuwa da ya san wannan. Akuyar da aka ɗaure a hannun dillali ta shaƙi numfashin awakin garuruwa goma, ta sha ruwa a daro ɗaya da su, wataƙila ma wannan ce kasuwa ta uku da ta ziyarta a mako guda.

Cutar da nake tsoro ita ce PPR, wadda masu kiwo ke kwatantawa da mura mai zuwa da zawo. 'Yar'uwar bushiya ce, annobar shanun nan da aka shelanta kawar da ita daga duniya a 2011. Daga ranar da akuya ta ɗauke ta zuwa ranar da za ta nuna alama yawanci kwana 4 zuwa 6 ne, wani lokaci ya kai 10. A cikin waɗannan kwanaki babu idon da zai gane ta, komai ƙwarewarsa. Hukumar lafiyar dabbobi ta duniya ta ɗauki kwana 21 a matsayin wa'adin da ake jira a kan wannan cuta, don a ba da rata mai yawa, kuma shi muka ɗauka.

Ɗakin kajin ya dace da aikin ne saboda dalilai biyu. Na farko, tazararsa da turken ta kai taku talatin, kuma akwai katangar bulo a tsakani, ba waya ba. Waya ba ta killace komai, domin awaki za su haɗa hanci ta cikinta, kuma da atishawa da majina wannan cuta ta fi yaɗuwa. Na biyu, iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ɗakin kuwa yana kudu maso yammacin turken, wato iska tana bi ta kan tsofaffin dabbobi kafin ta isa wurin baƙin. Mun toshe gefen da iska ke shigowa da zana da buhuna, muka bar sama a buɗe. Wanda ya san sanyin asubar Jos ya san abin da yake yi wa akuyar da aka kawo daga ƙasa mai zafi, amma kuma ɗakin da aka liƙe ruf ya fi sanyin illa ga huhu.

Sai kayan aiki. Muka ware bokiti biyu, daro ɗaya, tsintsiya da shebur, muka shafa musu jan fenti, aka ce duk abin da ke da ja ba ya fita daga ɗakin. Aka ajiye takalman roba da wata tsohuwar riga a bakin ƙofa, da daron ruwan bilic na tsoma ƙafa, wanda ake sauyawa kullum domin da zarar kashi da ƙasa sun cika shi ya daina aiki. Yaron da ke kula da dabbobin na zaunar da shi na maimaita masa tsari har sau uku: da safe ka fara da na gida, ka gama da su tas, sannan ka zo wurin baƙi. In ka fito daga wurin baƙi ka wanke hannu da sabulu, kuma ba ka komawa turke sai ka sauya kaya.

Daren farko ruwa da harawa kaɗai muka ba su. Dabbar da ta wuni a mota da yunwa, in aka cika mata daro da dusa, cikinta zai ɓaci, ta yi zawon da zai rikita mu mu kasa bambance shi da na cuta. Sai a rana ta uku muka fara sa dusa kaɗan kaɗan.

A daren farkon ne muka yi gardama ta biyu. Kawu ya fito da kwalbar allurar LA, wato oksitetrasaikilin, ya ce a bi su duka da ita kamar yadda kowa ke yi. Na hana. Wannan allura ba ta kashe ƙwayar PPR ko kaɗan, aikinta a kan wasu ƙwayoyin ne dabam. Abin da za ta iya yi shi ne ta danne ciwon huhun da dabba ta zo da shi na 'yan kwanaki, ta yi kama da mai lafiya, a sake ta cikin garke, sannan ciwon ya dawo. Mu kuwa mun killace su ne don abin da ke ɓoye ya fito fili. Ya mayar da kwalbar aljihu, ransa bai so ba.

Washegari na rubuta wa kowace lamba da fenti a gefen ciki, 1 zuwa 5, ragon kuma 6. Na ba yaron ma'aunin zafi irin na kemis mai batir, da littafin makaranta mai layi. Na nuna masa yadda ake yi: a shafa ɗan man shafawa a bakin ma'aunin, a ɗaga wutsiya, a zura shi cikin dubura, a ɗan karkata shi ya taɓa bango don kada ya nutse cikin kashi, a jira ya yi ƙara, a goge shi kafin a je ga ta gaba. Ana yi da sassafe kafin rana ta hau, kuma ba bayan an kora dabba da gudu ba, domin rana da gudu duk suna ɗaga zafin jiki. Lafiyayyar akuya da safe tana tsakanin digiri 38.5 da 39.7. Na ce masa duk ranar da ya ga 40 ko fiye ya kira ni, ko da akuyar tana cin abinci. A safiyar nan duka shidan suna tsakanin 38.9 da 39.6.

Rana ta uku muka yi maganin tsutsar ciki da kaska. Muka auna su da sikelin ratayawa da buhu, domin ƙiyasin ido shi ke sa a ba da maganin da bai kai ba, tsutsa ta saba da shi. Allurar aibamektin mil 1 ce ga kilo 50 a ƙarƙashin fata, ragon mai kilo 50 ya sha mil 1 cif. Albendazol kuwa ban ba awakin ba, saboda babu wanda ya san ko bunsuru ya hau su kafin a sayar, kuma wannan magani yana illa ga ɗan tayi a farkon ciki. Kashin da suka yi a kwanakin nan an tara shi wuri guda can nesa, ba a zuba a inda garke ke kiwo ba, don kada ƙwan baƙuwar tsutsa ya zauna a gonar.

Rana ta biyar da ƙarfe bakwai yaron ya kira. Lamba 4 ta nuna 40.7. Na je na same ta a tsaye tana tsintar harawa, sai dai ba ta tuƙa kamar sauran, kuma gashin bayanta ya ɗan tashi. Kawu ya dube ta ya ce sanyi ne kawai. Da a cikin garke take, babu wanda zai waiwaye ta a ranar, ni ma har da ni. Muka gitta tsohuwar ƙofa a kusurwar ɗakin muka ware ta da nata bokitin, duk da na san ta riga ta kwana huɗu tana numfashi cikin 'yan'uwanta, kuma akuya kan fara zubar da ƙwayar cutar tun kafin alamu su bayyana sosai.

Rana ta shida zafin ya kai 41.1, hawaye na zuba, hanci na ɗigar ruwa. Ta bakwai majinar ta yi kauri ta koma ruwan ɗorawa, ta bushe ta toshe ƙofofin hancin har tana numfashi da baki, kwantsa ta liƙe mata ido. Na ɗaga leɓenta na ƙasa. A kan dasashi akwai wasu fararen ɗige ɗige kamar an barbaɗa dusa, in ka goga da yatsa su saɓule su bar jan miki, ga wani wari mai tashi daga bakin. Na kira Kawu na ce ya matso ya gani da idonsa, domin wannan baki shi ne abin da ya fi rarrabe PPR da murar sanyi. Rana ta takwas zawo ya ɓalle, mai ruwa, mai ɗoyi, ya ɓata mata cinyoyi. Zafin jikin ya fara sauka a lokacin, yaron ya yi murna, na ce masa saukar zafi tare da zawo ba sauƙi ba ne, ƙarfi ne ke ƙarewa.

Tun a rana ta shida na sanar da likitan dabbobi na gwamnati da ke kula da yankin, domin PPR tana cikin cututtukan da ake kai rahotonsu. Ya zo ya ɗebi majina da kwantsa a auduga, aka sa cikin ƙanƙara aka kai Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom. Mu mutanen Jos mun yi sa'a a nan, cibiyar da aka kafa tun 1924 tana bayan Bukuru kaɗan, samfur yana isa a ranar da aka ɗebe shi. Sakamako ya tabbatar da abin da bakin akuyar ya nuna.

A rana ta shidan ce kuma na buɗe littafin garken gida, na ga abin da ya tayar mini da hankali. Shekara biyu ke nan da aka yi musu rigakafin PPR. Manyan suna da kariya, domin allura ɗaya tana riƙe dabba aƙalla shekara uku. Amma duk abin da aka haifa bayan nan, matasa 11 da 'yan ƙanana uku, ba a taɓa yi masa ba. Wannan sakacina ne, ni ke riƙe da littafin. Kamata ya yi a ce an yi musu mako uku kafin Kawu ya taka kasuwa. Muka samo allurar a cikin ƙanƙara, irin wadda ake yi a Vom daga ƙwayar da aka raunana mai suna Najeriya 75/1. Garin magani ne a 'yar kwalba, ana narka shi da ruwansa mai sanyi, mil 1 a ƙarƙashin fata ga kowace dabba, kuma da zarar an narka sai a gama da shi cikin awa biyu, a inuwa. Muka fara da na gida, duk wanda ya wuce wata huɗu. 'Yan ƙanana uku masu shan nono muka bar su, tunda kariyar da suka sha a daƙashin uwayensu tana nan, kuma takan hana allurar kamawa. Daga ƙarshe muka shiga wurin baƙi muka yi wa biyar ɗin da ba su da zazzaɓi, kowace da sabuwar allura. Na faɗa wa Kawu tun a lokacin cewa wadda ta riga ta ɗauka, rigakafi ba zai cece ta ba.

Ɓarakar ta zo ta inda ban zata ba. A yammacin rana ta bakwai wani ɗan bunsuru na gida, ɗan wata biyar, ya bi ta magudanar ruwa da ke gindin katanga ya shiga ɗakin. Yaron ya tarar da shi ya tsoma baki a daron jan fenti. Abin da kowa zai yi shi ne ya sure shi ya mayar wa uwarsa, kuma har ya ɗauke shi ya nufi ƙofa, sai ya tsaya ya kira ni. Na ce ya ajiye shi, wanda ya shiga ya shiga ke nan. Uwar ta kwana biyu tana kuka a bakin katanga, matar Kawu ta ce da ni, "Haba ɗana, jiya jiya aka yi masa allura, ba sai a bar shi ya koma ba?" Na ce, "Inna, allurar jiya ba ta fara aiki ba. Sai ta yi kamar mako kafin jiki ya fara ɗaukar kariya, ba ta cika sai wajen mako uku." Muka toshe magudanar da dutse da laka. Da na zagaya katangar da kyau a ranar farko, a tsugune, daidai tsayin ɗan akuya, da na gan ta.

Lamba 2 da lamba 5 suka yi zazzaɓi a rana ta goma. Lamba 4 ta mutu a ta goma sha ɗaya. Ɗan bunsurun ya nuna 40.5 a ta goma sha biyu, kwana biyar cif da shigarsa. Da an mayar da shi turke a daren nan, da a tsakiyar sa'o'insa goma da allurarsu ba ta gama kamawa ba zai yi wannan zazzaɓin.

Yanzu ne kwalbar LA ta yi amfani. PPR ba ta da magani, amma abin da ke ƙarasa akuya sau da yawa shi ne ciwon huhun da ke hawa kanta da ƙarewar ruwan jiki. Bisa umarnin likita muka yi wa masu zazzaɓi mil 1 ga kowane kilo 10 a cikin tsoka, lamba 5 mai kilo 22 ta sami mil 2.2. Sauran aikin na hannu ne da haƙuri. Safe da yamma yaron yana jiƙa tsumma a ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, ya tausasa ɓawon majinar har ya ɓanɓaru, ya goge ido. Ruwan gishiri da sukari ana ba su kaɗan kaɗan ta gefen baki, ba a ɗaga kai sama, domin ɗura da gaggawa tana tura ruwa cikin huhu. Da yake bakin duk miki ne, harawa ba ta ciyuwa, sai kunun dusa mai ruwa da ɗanyen ganye mai laushi.

A rana ta goma sha uku Kawu ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana kallon lamba 1 da lamba 3 da ragon, waɗanda har lokacin lafiyarsu ƙalau. Ya ce, "Gobe kasuwa ce. In na fitar da waɗannan ukun, ko uwar kuɗina na rage." Na fahimce shi, kuɗi ne masu yawa a ɗaure a ɗakin nan. Na ce, "Kawu, wanda ya fitar da lamba 4 kasuwa, ina jin haka ya tsaya a bakin nasa turken ya yi wannan lissafin." Bai amsa ba, amma washegari bai kira mai mota ba. Lamba 2 ma ya so a yanka ta kafin ta mutu. Cutar ba ta kama mutum, sai dai allurar da ke jikinta tana da kwanakin jira da aka rubuta a kwalba kafin a ci nama, kuma fiɗa a gona yana nufin jini da kayan ciki da ruwan wanki a kusa da turke. Ta mutu a rana ta goma sha bakwai. Ita da lamba 4 duk rami mai zurfi muka yi musu a bayan ɗakin, inda kare ba zai tono ba.

Lamba 5 ta tashi. Ɗan bunsurun ma ya tashi, a rame, ƙashin bayansa duk a waje, zawonsa ya tsaya, ya koma cin harawa sosai a rana ta 24. Ranar 21 da Kawu ya yi wa alama a kalanda ta zo ta wuce ƙofa a rufe. Wannan ne abin da ya fi yi masa wuyar karɓa, kuma shi ne abin da na fi ganin masu kiwo suna kuskurewa: kwana 21 ba daga ranar saye ake ƙirga su ba in har wata ta yi ciwo. Ana sake ƙirgawa ne daga ranar da ta ƙarshe ta warke ko ta mutu, domin tana iya sa wa wata a ranarta ta ƙarshe, ita kuma waccan tana buƙatar nata kwanakin kafin ta nuna. Haka nan in aka ƙaro sabuwar dabba cikin ɗakin, lissafi ya koma farko ga kowa. Namu ya fara daga 24, ya ƙare a 45. A duk tsawon lokacin yaron bai fasa awo ba, kuma na sa shi yana auna matasa goman nan na gida su ma, da wani ma'aunin dabam. Babu wanda ya haura 39.8.

Lamba 1 da 3 ba su taɓa yin ko atishawa ba. Mai yiwuwa an yi musu rigakafi a inda suka fito, ko sun taɓa yin cutar sun warke, domin wadda ta warke ba ta sake kamuwa. Ragon kuwa, tumaki sun fi awaki jure ta.

Akwai abin da kwana 45 ba su iya nuna mana ba, kuma na faɗa wa Kawu kada ya ɗauka ɗakin nan ya tace komai. Bakkale, cutar da ke sa ɓari, tana zama a jikin dabba ba zazzaɓi ba majina, rago ya yi ta barbara yana rabawa, mutane kuma su ɗauka ta ɗanyen nono ko taɓa mahaifa. Jini kaɗai ke tona ta. Tunda don iri aka sayo su, a mako na biyar muka ɗebi jinin ragon da awakin uku aka gwada, ya fito babu komai. Da shanu ya sayo, da ban yarda da mako uku ba tun farko, domin ciwon huhun shanu yana iya ɓoyewa wata da watanni, kuma saniyar da ta warke a ido tana iya ci gaba da ɗauke da shi.

Ranar 45 da safe muka auna su karo na ƙarshe, muka duba baki da kofato, muka sake su da hantsi a fili inda akwai wurin gudu, domin tsofaffin awaki sai sun gwada baƙi da ƙaho kafin su karɓe su. Ɗan bunsurun ya nufi uwarsa, ta shinshina shi ta kawar da kai, nono ya riga ya ƙafe. Shimfiɗar ɗakin aka kwashe aka ƙone, aka wanke daɓe da bango da ruwan bilic, aka cire zana don rana ta shiga. Bokitan jan fenti Kawu ya ce a kife su a ciki a bar su nan, yana da niyyar sayen raguna na turka kafin Babbar Salla.